Yadda ake shan metronidazol don atinin amiba da jiyadiya har a kai ƙarshensa

Metronidazol, wanda aka fi sani da Filajil, magani ne da aka ƙirƙiro a Faransa aka fara ba marasa lafiya shi a shekarar 1960, kuma har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana aiki sosai a kan ƙwayoyin cuta guda biyu na hanji, amiba mai kawo atini da jiyadiya mai kawo zawo da kumburin ciki. Inda ake samun matsala ba a ƙarfin maganin ba ne. Mutum zai fara sha, a kwana na uku cikinsa ya lafa, bakinsa kuma ya cika da wani ɗanɗano kamar ya tsotsi ƙarfe, sai ya ajiye sauran ƙwayoyin. Wani kuma zai kurɓi giya a tsakiyar shan maganin, amai ya turnuƙe shi, ya ce maganin bai karɓe shi ba. Bayan makonni cutar ta dawo. Abin da za a bi a nan shi ne yadda za a fara shi daidai, a kuma gama shi.

Mataki na farko: a tabbatar da cutar da ake yaƙa

Ba kowane zawo ne metronidazol ke warkarwa ba. Yawancin zawon ruwa da ke zuwa farat ɗaya ya tafi cikin kwana biyu zuwa uku ba ya bukatar wannan magani ko kaɗan. Ruwan gishiri da sukari yake bukata. Dalili kuwa shi ne yadda maganin ke aiki. Idan ya shiga jiki ba ya yin komai sai ya faɗa cikin ƙwayar cutar da ke rayuwa a inda babu iskar oksijin sosai. A cikinta ne yake rikiɗa ya zama guba, ya lalata mata ƙwayoyin gado har ta mutu. Amiba da jiyadiya irin waɗannan halittu ne. Ƙwayoyin bairos da yawancin bakteriyar da ke kawo zawo ba haka suke ba, saboda haka maganin zai wuce su ne kawai.

Atinin amiba yakan taso a hankali. Mutum zai yi mako ɗaya zuwa uku yana fama da murɗar ciki da ke ƙaruwa, bayan gida na fita kaɗan-kaɗan da majina da jini, yana jin nishi kamar bai gama ba. Sau da yawa zazzaɓin ba shi da ƙarfi, ko ma babu. Amiba a babban hanji take zama, tana cin bangonsa tana yin gyambo, daga nan jinin ke fitowa.

Akwai wani atinin da ke kama da shi, wanda bakteriyar shigela ke kawowa. Wannan yakan zo da gaggawa, cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi mai zafi da kasala. A wajen ƙananan yara, shi ne ya fi yawan haddasa bayan gida mai jini, kuma metronidazol ba ya taɓa shi. Yaro mai zazzaɓi da kashin jini da aka tsaya ana ba Filajil kaɗai, ana ɓata masa lokaci ne yana ƙara galabaita. Wani maganin daban yake bukata daga likita.

Jiyadiya kuwa a ƙaramin hanji take, tana manne wa bangonsa tana hana shi tsotse abinci yadda ya kamata, musamman maiƙo. Ba ta kawo jini. Alamunta su ne zawo mai maiƙo da ɗoyi wanda ke tasowa saman ruwa, kumburin ciki, yawan tusa, gyatsa mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da rama idan ta daɗe. Takan bayyana mako ɗaya zuwa biyu bayan shan gurɓataccen ruwa, kuma tana iya lafawa ta dawo na tsawon watanni.

Alamu hasashe ne kawai, gwajin bayan gida ne ke raba gardama. A zuba samfurin a kwalba mai tsabta, kada fitsari ko ruwa ya taɓa shi, a ɗebo daga wajen da majina ko jini yake, a kai ɗakin gwaji da ɗuminsa. Amiba mai rai takan daina motsi ta lalace cikin ɗan lokaci bayan ta fito, shi ya sa samfurin da ya yi sa'o'i a hanya ba ya nuna ta. Idan gwajin farko bai nuna komai ba alhali alamun suna nan, a maimaita har sau uku a ranaku daban-daban, domin jiyadiya ba kullum take fitowa a kashi ba. Wani abin lura kuma: ganin ƙwan amiba kaɗai a madubin gwaji bai tabbatar da cewa ita ce ke kawo ciwon ba, domin akwai wata 'yar uwarta marar cutarwa da ƙwansu iri ɗaya ne a ido. Abin da ke tabbatarwa shi ne a ga amiba mai motsi ta haɗiyi jajayen ƙwayoyin jini, ko a yi gwajin zamani da ke bambanta su biyun.

Mataki na biyu: abin da za ka faɗa wa likita kafin ya rubuta

Ka faɗi ko kana shan giya, kuma ka faɗi gaskiyar yawanta. Wanda ke sha kullum, idan ya yanke rana ɗaya, jikinsa na iya kama rawa, ya yi gumi, har ya kai ga farfaɗiya, don haka shi yana bukatar likita ya tsara masa yadda zai tsaya.

Ka ambaci duk maganin da kake sha. Metronidazol yana ƙara wa warfarin, maganin tsinka jini, ƙarfi har mutum ya fara zubar da jini. Yana sa lityam, maganin wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, ya taru a jiki. Maganin farfaɗiya irin su fenobabiton da fenitoyin kuma suna sa hanta ta yi saurin fitar da metronidazol, sai ƙarfinsa ya ragu. Wanda ya sha daisalfiram, maganin da ake ba masu son barin giya, cikin makonni biyu da suka wuce, ba a ba shi metronidazol, domin haɗuwarsu na iya rikita hankali. Mai ciwon hanta mai tsanani ana rage masa adadi. Mace mai ciki, musamman a watanni uku na farko, da mai shayarwa, su faɗa tun kafin a rubuta. Akan ba su maganin idan bukata ta kama, amma likita ne zai zaɓi adadin, kuma akan kauce wa ba su babban adadi a sha ɗaya.

Mataki na uku: adadin da ya dace, domin na amiba daban na jiyadiya daban

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Suna ɗauka Filajil Filajil ne, ƙwaya ɗaya safe da rana da dare ta wadatar ga kowane ciwon ciki. Amiba tana bukatar adadi mai yawa, kusan ninki biyu zuwa uku na abin da jiyadiya ke bukata, domin ta riga ta kutsa cikin naman hanji.

Ga babban mutum mai atinin amiba, abin da aka saba rubutawa shi ne miligiram 500 zuwa 750 sau uku a rana na kwana 7 zuwa 10. A inda ake amfani da ƙwaya mai miligiram 400, akan rubuta miligiram 800, wato ƙwaya biyu, sau uku a rana na kwana 5. Ga jiyadiya, miligiram 250 sau uku a rana na kwana 5 zuwa 7, ko miligiram 400 sau uku a rana na kwana 5, ko kuma giram 2 sau ɗaya a rana na kwana 3. Wannan na ƙarshe gajere ne amma ya fi tayar da zuciya. Ƙwayoyin suna zuwa da ƙarfi iri-iri, 200, 250, 400 da 500, don haka ka duba lambar da ke jikin kwalin kafin ka ƙirga. Wanda aka rubuta wa 800 amma aka ba shi ƙwaya mai 200, huɗu zai riƙa sha a lokaci guda. Idan ya sha biyu, rabin magani yake sha.

Na yara da nauyin jiki ake lissafa shi. Ga amiba, miligiram 35 zuwa 50 ga kowane kilo a rana, a raba gida uku, na kwana 7 zuwa 10. Ga jiyadiya, miligiram 15 ga kowane kilo a rana, a raba gida uku, na kwana 5 zuwa 7.

A ɗauki yaro mai kilo 12, kuma maganin ruwan da aka samu yana da miligiram 200 a cikin kowane mililita 5, wato miligiram 40 a mililita ɗaya. Idan amiba ce kuma likita ya zaɓi miligiram 40 ga kowane kilo, 12 sau 40 ya ba da 480 a rana. A raba uku, 160 ke nan kowane sha, wanda ya yi daidai da mililita 4. Idan kuwa jiyadiya ce, 12 sau 15 ya ba da 180 a rana, 60 kowane sha, wato mililita ɗaya da rabi. Yaro ɗaya, kwalba ɗaya, amma bambancin ya kusa ninki uku. Cokalin cin abinci ba zai iya auna wannan ba, sirinji marar allura ake amfani da shi. A girgiza kwalbar kafin a zuƙa, domin maganin yana kwanciya a ƙasa. Kuma a duba kwalbar kowane lokaci, saboda akwai mai miligiram 125 a mililita 5, wanda lissafinsa daban ne. Na kawo wannan lissafi ne don iyaye su iya duba abin da aka rubuta musu, su yi tambaya idan sun ga bai yi daidai ba. Auna yaro da yanke adadin aikin ma'aikacin lafiya ne.

Mataki na huɗu: tsarin sha na yau da kullum

Jiki yana fitar da rabin maganin cikin kimanin sa'o'i takwas, shi ya sa "sau uku a rana" ke nufin kowane sa'o'i takwas. Ƙarfe shida na safe, biyu na rana, goma na dare tsari ne mai sauƙin riƙewa. Wanda ya sha uku duka tsakanin safe da la'asar ya bar dare gaba ɗaya babu isasshen magani a jininsa.

Ka sha shi tare da abinci ko da zarar ka gama ci, da cikakken kofin ruwa. Abinci ba ya rage yawan abin da jiki ke tsotsa, yana dai rage tashin zuciya. Idan ka manta sha ɗaya, ka sha da zarar ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to ka tsallake wanda ka manta, kada ka haɗa biyu. Idan ka yi amai nan take bayan haɗiyewa har ka ga ƙwayar a ciki, ka jira cikin ya natsa ka sake sha. Idan aman yana maimaituwa har ba ka iya riƙe komai, ka koma asibiti, akwai na ƙarin ruwa da ake sa wa ta jijiya.

Ka ƙirga ƙwayoyinka tun ranar farko. Wanda aka rubuta wa biyu sau uku na kwana biyar yana bukatar ƙwaya 30. Idan 12 ya karɓa da niyyar ya ga yadda za ta kasance, ya riga ya shirya tsayawa a kwana na biyu.

Tare da maganin, a ci gaba da mayar da ruwan da jiki ke zubarwa: fakitin gishiri da sukari a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, ko lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a sha maganin tsayar da zawo irin loperamaid alhali ana kashin jini. Yana tsayar da motsin hanjin da ya riga ya yi gyambo, kuma hakan na iya sa hanjin ya kumbura ya kai ga hatsari. Haka ma magungunan sitiyarod da ake sha don rage kumburi, suna iya mayar da atinin amiba mai sauƙi ya zama mai kisa.

Giya: me ya sa, kuma har yaushe

Idan mutum ya sha giya, hanta tana sarrafa ta hawa biyu. Da farko tana mayar da ita wani sinadari mai guba da ake kira asitaldihaid, sannan ta yi sauri ta mayar da shi wani abu marar illa. Idan hawa na biyu ya sami cikas, gubar ta taru, sai fuska da wuya su yi ja su ɗau zafi, kai ya riƙa sarawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya murɗa, amai ya zo babu ƙaƙƙautawa, wani har numfashinsa ya yi wuya, hawan jininsa ya faɗi. Daisalfiram da gangan yake yin haka don mashayi ya tsani giya. An sha ganin irin waɗannan alamu ga mutanen da suka haɗa metronidazol da giya, shi ya sa gargaɗin yake a takardar kowane kwali.

Gaskiya ne ba kowa abin ke samu ba. Akwai wanda zai sha bai ji komai ba, kuma wani ƙaramin gwaji da aka yi a kan lafiyayyun mutane bai nuna taruwar wannan guba a jininsu ba, har masana na jayayya kan ainihin hanyar da abin ke bi. Duk da haka ina tare da gargaɗin ɗari bisa ɗari, kuma ga dalilaina. Babu hanyar da mutum zai san tun farko ko yana cikin waɗanda abin zai kama. Sannan mai atini ba lafiyayye ba ne: jikinsa ya riga ya rasa ruwa, hanjinsa na da rauni, amai mai tsanani a wannan hali na iya kai shi gadon asibiti. Giya ita kanta tana ƙara zawo, tana sa yawan fitsari, tana ƙara jiri da tashin zuciyar da maganin ya riga ya kawo. Amiba kuma tana iya bin jini ta je hanta ta tara mugunya, to ɗora wa wannan hanta aikin giya ba dabara ba ce. Akwai kuma abin da ya fi kowanne faruwa: wanda ya sha giya da dare yakan tsallake maganin dare don tsoron haɗa su, ya wayi gari da tashin zuciya ya tsallake na safe, daga nan tsarin ya rushe.

Dokar ita ce babu giya ko kaɗan, kowace iri, tun daga ƙwayar farko har kwana uku bayan ta ƙarshe. Wasu takardun sun ce sa'o'i 48, wasu sun ce 72. Ka ɗauki 72, saboda idan hantarka na da rauni maganin yakan daɗe bai fita ba. Misali, wanda ya fara ranar Litinin da safe na kwana bakwai zai sha ƙwayar ƙarshe ranar Lahadi da ƙarfe goma na dare. Hanin bai ƙare ba sai Laraba da ƙarfe goma na dare. Idan kuma ya sha giya da daren da ya gabata kafin a ba shi maganin, ya faɗa wa likita, don a bari ta fita daga jikinsa kafin ya fara.

Wanda bai taɓa kusantar giya ba ma wannan sashe ya shafe shi. Sinadarin barasa yana cikin wasu magungunan tari na ruwa, wasu magungunan ƙarin jini da ƙarin kuzari, jiƙe-jiƙen ganye da ake sayarwa a kwalba, da ruwan kurkure baki. Akwai kuma wani sinadari mai suna furofilin gilaikol da ake sa wa a wasu magungunan ruwa, shi ma takardar maganin ta ce a kauce masa. Kafin ka sha kowane abu na kwalba a waɗannan kwanaki, ka karanta abin da aka haɗa shi da shi, ko ka nuna wa mai harhaɗa magani ya duba maka.

Idan kuskure ya riga ya faru, ka daina shan giyar nan take, ka kwanta ta gefe saboda amai, ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Alamu masu sauƙi sukan lafa cikin sa'o'i. Ciwon ƙirji, wahalar numfashi, suma, ko amai da ya ƙi tsayawa kuwa, na gaggawa ne, a tafi asibiti.

Ɗanɗanon ƙarfe a baki

Wannan shi ne abin da ya fi sa mutane ajiye maganin, kuma ya kamata a faɗa wa kowa tun kafin ya fara, don kada ya zo masa ba zato. Yana da tushe biyu. Ƙwayar kanta tana da ɗaci ƙwarai, idan ta narke a kan harshe ɗacin yakan daɗe. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, shi ne bayan maganin ya shiga jini yana fitowa ta cikin yawu, kusan daidai da yawan da ke cikin jinin. Wato bakinka na ɗanɗanar maganin dare da rana daga ciki. Shi ya sa ko wanda aka sa wa ta jijiya, wanda ƙwaya ba ta taɓa harshensa ba, yana jin ɗanɗanon. Shi ya sa kuma goge baki ke rage shi na ɗan lokaci kawai ya dawo.

Ɗanɗanon ba alamar guba ba ne, ba alamar jiki ya ƙi maganin ba ne, ba kuma alamar jabu ba ne. Yakan fi ƙarfi ga masu shan adadi mai yawa, don haka mai amiba ya fi mai jiyadiya jin sa. Yana gushewa da kansa cikin kwanaki kaɗan bayan ƙwayar ƙarshe.

Ga abin da ke taimakawa. Ka cika bakinka da ruwa kafin ka jefa ƙwayar, ka haɗiye nan take, ka bi da sauran kofin. Kada ka tauna ta, kada ka niƙa ta. Idan akwai mai rufi a jiki, ka nemi ita, ta fi sauƙin haɗiya. Ga yara, maganin ruwan an haɗa shi ne da wani nau'in da ba shi da ɗaci sosai, don haka ya fi a niƙa musu ƙwayar manya, wadda yaro zai tofar ko ya amayar. Tsakanin lokutan sha, cingam marar sukari ko alewa mai tsami suna sa yawu ya gudana ya wanke bakin. Ka riƙa goge haƙora da harshe, ka kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, amma ka tuna da ruwan kurkure baki na kwalba mai barasa, ka bar shi. Abinci mai sanyi ya fi mai zafi sauƙin ci a wannan lokaci, wasu kuma suna samun sauƙi idan suka ci da cokalin roba maimakon na ƙarfe. Ka ci kaɗan-kaɗan sau da yawa ko da abincin ba ya maka daɗi, domin shan wannan magani da yunwa shi ke mayar da ɗanɗanon ya zama amai. Mai shayarwa na iya lura jaririnta yana ɗan ƙin mama, saboda maganin na shiga nono yana sauya ɗanɗanonsa. Ta faɗa wa likita maimakon ta yanke maganin ko shayarwar da kanta.

Fitsari ma na iya yin duhu, ja-ja ko ruwan ƙasa. Ragowar maganin ne ke fita, ba jini ba ne. Harshe na iya yin wani fari-fari kamar gansakuka. Idan farin ya zama dabbare-dabbare mai zafi, ko mace ta ga ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri a gabanta, to fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, ya samu sarari, kuma yana da maganinsa daban.

Akwai alamun da ba a haƙuri da su. Idan ka ji yatsun hannu ko ƙafa sun mutu, ko suna tsira-tsira kamar ana soka allura, ko tafiyarka ta koma tangaɗi, harshe ya yi nauyi, gani ya rikice, hankali ya gushe, ko jijjiga ta zo, ka tsayar da maganin ka ga likita a ranar. Haka idan ƙuraje suka feso, fata ko leɓe suka fara saɓulewa, fuska ta kumbura, ido ya yi rawaya, ko ciwo mai tsanani ya kama saman ciki yana ratsawa zuwa baya. Taɓa jijiyoyi ya fi faruwa ga wanda ya daɗe yana sha ko yake maimaita shi a kai a kai, wanda hakan babban dalili ne na daina ɗaukar Filajil duk lokacin da ciki ya yi ƙugi.

Wanda ya gwada duk dabarun nan ya kasa jurewa, kada ya tsaya shiru. Akwai ɗan uwan maganin mai suna tinidazol, wanda babba ke shan giram 2 sau ɗaya tak don jiyadiya, ko giram 2 a rana na kwana uku don atinin amiba. Shi ma yana kawo ɗanɗanon ƙarfe, hanin giya ma yana kansa har sa'o'i 72, amma kwanakin sun fi gajarta.

Mataki na biyar: maganin da ke biyo baya

Idan amiba ce, gama metronidazol bai gama aikin ba. Hanji yana tsotse kusan dukkan maganin tun daga sama ya shiga jini, wannan ne ya sa yake kashe amibar da ta shiga nama da hanta. Amma kaɗan ne ke saura a cikin ramin babban hanji, inda wasu ke zaune suna yin ƙwai. Waɗannan za su iya tayar da cutar daga baya, kuma mutum zai ci gaba da yaɗa ƙwan ga mutanen gidansa yana jin lafiya lau. Saboda haka ake bin sa da magani na biyu wanda ke tsayawa cikin hanji bai shiga jini: paromomaisin, miligiram 25 zuwa 35 ga kowane kilo a rana a raba uku na kwana 7, ko dilokzanaid, miligiram 500 sau uku a rana na kwana 10 ga babba. Idan ba a rubuta maka ba, ka tambaya. Jiyadiya ba ta bukatar wannan.

Mai atinin amiba ya kamata ya ga jini da murɗa sun fara raguwa cikin kwana biyu zuwa uku. Idan ba su ragu ba, wataƙila ba amiba ba ce, a koma a sake dubawa. Zazzaɓi tare da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci har kafaɗar dama, na nuna mugunya a hanta, kuma hoton ciki ake yi a gani. Yana iya zuwa watanni bayan atinin ya wuce, ko ga wanda bai taɓa yin atinin ba. Ciki da ya kumbura ya yi tauri, ba ya son a taɓa shi, na iya nufin hanji ya huje, a garzaya asibiti.

Bayan jiyadiya, mutane da yawa kan yi makonni madara na ba su zawo da kumburi, domin bangon ƙaramin hanji bai gama farfaɗowa ba. A rage madara na wasu makonni kafin a yanke cewa cutar ta dawo. Idan zawon ya ci gaba duk da haka, a sake gwajin kashi. Wani lokaci jiyadiyar ce ta jure wa maganin, sai a sauya wani ko a haɗa biyu. Wani lokaci kuma sake kamuwa aka yi daga ruwa ɗaya ko daga wani a cikin gida mai irin alamun, wanda shi ma ya kamata a gwada shi. Ƙwan jiyadiya da na amiba suna jure wa adadin kulorin da aka saba zubawa a ruwan sha, don haka a tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi, bayan an wanke wa yaro kashi, da kafin a taɓa abinci.